Yadda Shugaban Sashe Zai Rubuta Rahoton Ƙarshen Shekara

Darakta ko mai ba da tallafi da ya buɗe rahoton sashenka amsar tambayoyi huɗu yake nema: me aka ce za a yi a farkon shekara, me aka yi, me ya hana a yi sauran, kuma me za a yi baɗi don kada abin ya maimaita kansa. Rahoton da yake aiki shi ne wanda mai karatu zai ɗauki aiki guda, ya bi shi daga alkawarin watan Janairu har zuwa kasafin baɗi, zaren bai tsinke ba. Yawancin rahotannin da ake mayar wa masu su a nan suke karyewa: sakamako yana shafi na 3, matsaloli suna shafi na 7, shiri yana shafi na 10, kuma babu wanda ya san ɗan'uwansa.

Za mu bi misali ɗaya tun daga farko har ƙarshe. A ɗauka kai ne shugaban sashen iri da horar da manoma a wata ƙungiyar raya karkara da ke da ofis a Maradi, tana aiki a ƙauyukan Madarumfa da Gidan Rumji. Duk alƙaluman da za su zo a ƙasa na misali ne, an zaɓe su don lissafi ya fito fili. Hanyar kuwa ɗaya ce ko sashenka na lafiya ne, ko na ilimi, ko na kuɗi, kuma ko da Faransanci za ka rubuta, kamar yadda yawancin ofisoshinmu suke yi.

Tara takardu tun watan Nuwamba

Shekarar kasafi a Nijar tana farawa 1 ga Janairu ta ƙare 31 ga Disamba, amma wanda ya jira Janairu kafin ya fara tara takardu ya makara. A lokacin malaman gona sun watse wajen aikin rani, akanta ya duƙufa kan rufe littattafai, mai sito kuma yana ƙidayar kaya. Tsakiyar Nuwamba, bayan an gama girbin gero da wake, shi ne lokacin da ya fi dacewa.

Takarda ta farko da za ka ɗora a kan tebur ita ce tsarin aikin shekara wanda aka amince da shi, mai sa hannun darakta. Da ita ake auna kome. Idan an yi wa tsarin gyara a tsakiyar shekara, nemo takardar gyaran da ranar da aka yi shi, domin a rahoto za ka nuna adadin farko da wanda aka gyara, duka biyun. Wasu sukan ɓoye na farko su auna kansu da ƙaramin adadin da aka rage, sai kashi ya haura, amma darakta yana da kwafin asali a aljihun teburinsa. Bayan wannan sai rahotannin wata uku-uku, da takardun rabon kaya masu sa hannu ko dangwalen yatsa, da littafin shige da fice na sito, da takardar kashe kuɗin sashenka daga akanta. A ƙarshe ɗauko rahoton bara ka buɗe shafin shiri, domin abin da ka yi alkawari a can shi za a fara tambayarka.

Akwai wani abu da ya kamata ka yanke shawara a kansa tun yanzu. Noman rani, irin wanda ake yi a Jiratawa da bakin Gulbin Maradi, yana farawa wajen ƙarshen shekara ya ƙare a watannin farko na mai zuwa, wato ya ratsa shekara biyu. Ƙa'idar da ta fi sauƙi ita ce: aikin da aka yi da kuɗin da aka kashe kafin 31 ga Disamba na bana ne, girbin da zai zo a Maris na rahoton baɗi ne. Ka rubuta wannan ƙa'ida da jimla ɗaya a farkon rahoton, ka kuma bi ta kowace shekara, in ba haka ba girbi ɗaya zai fito a rahoto biyu.

Jadawalin da rahoton yake tsaye a kai

Kafin ka rubuta ko jimla ɗaya, haɗa jadawali mai ginshiƙi biyar: aiki, abin da aka tsara, abin da aka yi, kashi cikin 100, da dalilin giɓi. Kowane aiki da ke cikin tsarin shekara ya samu layinsa, har wanda ba a taɓa ba. Aikin da ba a yi ba a sa masa sifiri, a faɗi dalili. Goge layin shi ne abin da ya fi saurin zubar da amanar mai karatu, domin da ya lura da guda ɗaya zai fara zargin sauran.

Idan a Excel kake aiki, adadin da aka tsara yana ginshiƙin B, wanda aka yi yana C, to a Excel na Faransanci ga abin da za ka rubuta a D, wanda kuma ba zai nuna kuskure ba idan B sifiri ne:

```
=SI(B2=0;"";C2/B2*100)
```

A misalinmu an tsara raba irin gero ingantacce tan 20 ga manoma 2,000, kowa kilo 10, abin da zai ishi kadada ɗaya. An raba tan 17 ga manoma 1,700. Kashi 85 ke nan. An tsara makarantun gona 40, an buɗe 36, kashi 90. Da ganin wannan za a ce shekara ta yi kyau, kuma shugabannin sassa da yawa a nan suke tsayawa.

Sai dai iri yana da lokaci. Manomi a Maradi yana shuka gero ne da ruwan shuka na farko, galibi cikin watan Yuni, kuma ba ya zama jiran motar ƙungiya. Idan ka koma littafin sito ka ga tan 11 ne suka fita kafin ƙarshen Mayu, sauran tan 6 kuwa sai 10 ga Yuli suka iso, to manoma 600 sun karɓi iri bayan gonarsu ta tsiro. Wasu sun yi maimai da shi inda shuka ta mutu, wasu sun adana, wasu sun kai shi turmi. Saboda haka layi ɗaya bai wadatar ba. Ka ƙara na biyu a ƙarƙashinsa: irin da ya isa hannun manomi kafin shuka, an tsara tan 20, an samu tan 11, kashi 55. Wannan shi ne adadin da ya faɗi ainihin abin da ya faru a gona, kuma a kansa sauran rahoton zai ginu. A kowane sashe akwai irin wannan layi na biyu. A sashen ilimi littattafai nawa ne suka isa aji kafin buɗe makaranta a Oktoba, a sashen lafiya magani nawa ne ya isa ƙauye kafin zazzaɓin damina ya yi tsanani.

Tantance alƙaluma kafin ka amince da su

Nan ne aikin yake cin lokaci, kuma nan ne ya cancanci ka ba shi mako guda cur.

Fara da haɗa littafin sito da takardun rabo. Littafi ya ce tan 17 sun fita, amma da ka tara takardun da manoma suka sa wa hannu sai ka samu tan 16 da kilo 600. Kilo 400 ba su da shaida, rabon mutum 40 ke nan. Kada ka yi saurin zargin kowa, kada kuma ka rufe ido. Sau da yawa takardar ƙauye ɗaya ko biyu ce ta maƙale a jakar malamin gona. Ka kira shi ya kawo. Idan ba a same ta ba, rahoto ya ɗauki adadin da ke da shaida, a bayyana giɓin a fili tare da matakin da aka ɗauka. A misalinmu an samo takardun, adadin ya cika 1,700.

Sannan ma'auni. Malamin gona ɗaya yana kawo rahoto da buhu, wani da tiya, manomi kuma da dami yake ƙidayar amfaninsa. Tiyar gero tana kai wajen kilo 2 da rabi, buhun kilo 100 kuma yana cin tiya 40 ko kusa da haka, amma dami ba shi da tsayayyen nauyi, ya danganta da ƙauye da hannun mai ɗauri. Mayar da kome zuwa kilo ko tan, ka rubuta a ƙasan jadawali yadda ka yi juyin. Adadin da aka samo daga dami a ce ƙiyasi ne. Haka ma kuɗi: a bakinmu da dala muke ƙirga, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce, don haka idan malamin gona ya ce maka a waya an kashe dubu goma wajen jigila, tana yiwuwa jika hamsin yake nufi, wato sefa 50,000. Kada wani adadin kuɗi ya shiga rahoto daga baki. Daga rasit ko daga takardar akanta kawai zai fito.

Abu na uku shi ne ƙirga mutum ɗaya sau biyu. Manoma 1,700 sun karɓi iri, makarantun gona 36 masu mutum 25 kowace sun horar da 900. Idan ka haɗa ka ce sashe ya amfanar da mutum 2,600, ka yi kuskure, domin a ce 700 daga cikin ɗaliban makarantun suna cikin waɗanda suka karɓi iri. Mutanen gaske 1,900 ne. Idan sunayen suna cikin Excel da lambar waya a ginshiƙin D, wannan zai nuna maka sau nawa lamba ta fito:

```
=NB.SI(D:D;D2)
```

Duk inda ya nuna 2 ko fiye sai ka duba da ido, domin a ƙauye waya ɗaya takan yi wa gida guda aiki, maigida da matansa da ƙanensa. Haɗa suna da sunan uba da ƙauye kafin ka goge kowa. Tun kana nan, ware adadin mata da na maza, da na matasa idan tsarin aikinku ya ambace su. Kusan duk mai ba da tallafi zai tambaya, kuma komawa cikin takardu 60 a watan Fabrairu don wannan kaɗai wahala ce da za a iya kauce mata.

Idan za ka kawo amfanin gona a matsayin sakamako, faɗi yadda aka auna. Hanyar da aka saba ita ce a keɓe fili mai mita 10 tsawo da 10 faɗi a cikin gona, a girbe, a sussuke, a auna, a ninka sau 100. Kilo 6 a wannan fili na nufin kilo 600 a kadada. Ka faɗi gonaki nawa aka auna, ka kuma kwatanta da gonar maƙwabci mai irin gida a ƙauye ɗaya da damina ɗaya. Kwatanta bana da bara kawai ba ya nuna aikin iri, tunda ruwan sama da murzuna suna iya ɗaga amfani ko su kayar da shi ba tare da hannunka ba.

Shafin kuɗi

Adadi uku ake buƙata: abin da aka kasafta, abin da aka saki, da abin da aka kashe. A ce an kasafta wa sashen sefa miliyan 30, aka saki miliyan 24, aka kashe miliyan 22 da dubu 800. Idan aka auna da kasafi, kashi 76 aka kashe, wanda zai sa a ɗauka sashen bai iya aiki da kuɗinsa ba. Idan aka auna da abin da ya shigo hannu, kashi 95 ne. Ka kawo duka biyun a layi ɗaya. Sannan ka ɗaure kuɗin da aikin: tan 3 na irin da ba a saya ba, a kan sefa 600 kilo, miliyan 1 da dubu 800 ne daga cikin miliyan 6 da ba a saki ba. Bashin da ke kan sashe, kamar ɗan kwangilar da ya kawo kaya a Disamba ba a biya shi ba, a nuna shi daban, domin zai ci daga kuɗin baɗi. Kafin shafin ya fita, akanta ya karanta ya sa hannu. Idan adadinka ya saɓa da na rahoton sashen kuɗi, ko da jika ɗaya ne, naka za a zarga.

Rubuta matsala yadda za a iya maganinta

Jimlolin da suka fi yawa a wannan ɓangare su ne rashin isassun kuɗi, ƙarancin kayan aiki, da sauyin yanayi. Duk gaskiya ne, amma babu daraktan da zai iya yanke shawara a kansu, kuma za a iya kwafe su daga rahoton shekara biyar da suka wuce ba a canza harafi ba. Matsalar da aka rubuta da kyau tana faɗin abin da ya faru, da ranar, da wanda abin ya shafa, da asalin dalili. Ga yadda za ta kasance a misalinmu:

"Tan 6 na irin gero sun iso sito ranar 10 ga Yuli, bayan manoma 600 na ƙauyukan Gidan Rumji sun riga sun yi shuka. Kuɗin zango na farko ya shigo a ƙarshen Maris, kuma sashen bai fara shirya takardun neman masu kawo iri ba sai da kuɗin ya shigo, don haka ba a sa hannu a kwangila ba sai tsakiyar Mayu. Kwangilar ba ta ƙunshi tarar jinkiri ba."

Lura da cewa dalilan iri biyu ne. Jinkirin kuɗi ba a hannun sashe yake ba. Jiran kuɗi kafin a shirya takardu, da kwangila marar tara, waɗannan a hannun sashe suke. Ka raba su a fili. Shugaban sashen da ya ɗora kome a kan ruwan sama da mai ba da tallafi ya nuna cewa babu abin da zai gyara, kuma da wuya a ƙara masa kasafi. Hanyar gano asalin dalili ita ce ka riƙa tambayar "me ya sa" har ka isa wurin da wani zai iya ɗaukar mataki. Iri ya makara, me ya sa? Kwangila ta makara, me ya sa? An fara takardu a Afrilu. A nan ka tsaya, ka samu abin gyara.

Kada ka ambaci sunan ma'aikaci a matsayin mai laifi. Rahoton shekara yana yawo ofis-ofis, yana kuma zama a ma'ajiya shekaru. Laifin mutum yana da takardarsa daban tsakaninka da darakta. Matsala uku zuwa biyar sun isa, a jera su daga wadda ta fi cin sakamako. Lalacewar babura biyu ta cancanci shiga ne kawai idan ita ce ta hana buɗe makarantun gona 4 da suka rage, kuma in haka ne sai a faɗa a jimla ɗaya.

Shirin baɗi

Ɗauki matsalolin ɗaya bayan ɗaya, kowace ka ba ta layi a shiri mai ɗauke da mataki, da ranar kammalawa, da muƙamin wanda zai yi, da kuɗi. Matsalar da ba ta da layi a shiri, ko layin shirin da bai fito daga wata matsala ko wani sakamako ba, alama ce ta cewa zaren ya tsinke.

Ga batun iri, lissafi daga ƙarshe ake farawa. Ana son iri ya kasance hannun manomi kafin 31 ga Mayu. Rabo a ƙauyuka yana cin mako uku, don haka dole ya shiga sito kafin 30 ga Afrilu, a samu mako guda na gwajin tsiro: a ƙirga ƙwaya 100 daga buhuna daban-daban, a sa a jiƙaƙƙen ƙyalle ko yashi mai laima, a ƙirga waɗanda suka tsiro bayan kwana 7. Mai kawo iri yana buƙatar wata guda, ke nan a sa hannu a kwangila kafin ƙarshen Maris, takardun neman masu kawowa kuma su fita tsakiyar Fabrairu, ko kuɗi ya shigo ko bai shigo ba. Kwangilar ta ƙunshi tarar kowane mako na jinkiri. Ka ƙara abin da za a yi idan kuɗin ya sake makara: abin da bai iso ba zuwa tsakiyar Mayu a juya kuɗinsa zuwa irin wake, tunda wake bayan gero ake shuka shi. Irin wannan juyi yana buƙatar izini, don haka ka nemi izinin tun a cikin rahoton.

Wajen sa adadin baɗi, ka tsaya kusa da abin da bana ta nuna. Sashen da ya isar da tan 11 a kan lokaci, idan ya ce baɗi zai raba tan 40, ba za a yarda da shi ba. Ya riƙe tan 20, ya sa ma'auninsa ya zama irin da ya isa kafin shuka, ya nemi a saki miliyan 12 na iri a zangon farko. Abubuwan da kake nema daga darakta ka tara su wuri ɗaya a ƙarshen shirin, kowane da ranar da kake buƙatar amsa.

Haɗawa da miƙawa

Tsarin shafuka ba shi da wuya: bango mai sunan sashe da shekara da ranar miƙawa, taƙaitawa, gajeren bayanin ma'aikata da yankin aiki, sakamako, kuɗi, matsaloli, shiri, sai rataye. Shafi 8 zuwa 12 sun isa jikin rahoto. Jerin ƙauyuka da hotuna su koma rataye, kowane hoto da wuri da kwanan wata.

Taƙaitawa ita ake rubutawa a ƙarshe, shafi ɗaya tak, domin sau da yawa ita kaɗai manya suke karantawa. Ta ɗauki manyan sakamako uku da adadinsu, har da kashi 55 ɗin nan, da babbar matsala, da shawarar da ake jira daga sama. Kafin ka miƙa, zauna da malaman gonarka rabin yini ka karanta musu sakamako da matsaloli da Hausa. Su ne za su ce maka ƙauye kaza ba a Madarumfa yake ba, ko makarantar gona kaza an buɗe ta amma ta watse bayan zama uku, wanda zai mayar da 36 ɗinka 35. Bayan gyara, bi kowane adadi da ke cikin taƙaitawa ka tabbatar shi ne a jadawali, shi ne kuma a rataye, domin idan aka gyara lamba a wuri ɗaya akan manta da sauran wuraren. Sannan ka sa hannu da hatimi, ka aika kwafin PDF tare da na takarda, ka adana fayil ɗin Excel da takardun rabo a wuri ɗaya mai sunan shekarar, inda masu binciken kuɗi za su same su idan sun zo.